Tusar jaki a hannu da tafin ƙafa: yadda take yaɗuwa da yadda ake kawar da ita

Ranar da yayata ta kawo mini ɗanta kantin maganin da nake aiki a Tudun Wadar Kaduna, yaron yana tafiya a kan gefen ƙafa kamar wanda ya taka ƙaya. Shekararsa 11. Da ya cire silifas sai na ga wani tsiro mai kaushi a tafin ƙafarsa ta dama, daidai ƙasan babban yatsa, faɗinsa bai wuce ƙwayar wake ba, ga wasu ƙanana guda uku sun kewaye shi. A gefen farcen ɗan yatsansa na hannu ma akwai ɗaya.

"Yaya, tun yaushe?" na tambaye ta.

"Tun kafin azumi. Guda ɗaya ce fa. Sau biyu ana yanke masa da reza, sai ta dawo da 'ya'ya."

Wannan magana tata ita ce labarin tusar jaki a gidaje da yawa. Ana yankewa, tana dawowa, sai a ce ai tana da saiwa, ko a ce jifa ce. Ba ta da saiwa, kuma ba jifa ba ce. Ƙwayar cuta ce ta bairas da ake kira HPV take shiga fata ta wata 'yar kafa, ta sa ƙwayoyin halittar saman fata su yi ta ninkuwa fiye da kima har su taru su yi tudu. Iyakarta saman fata. A tafin ƙafa nauyin jiki ne yake danna ta ciki, shi ya sa take zama a shafe tana ciwo kamar tsakuwa a takalmi, mutum ya ɗauka ta yi jijiya har ƙashi.

Jin sunan HPV yakan tayar wa iyaye mata hankali, saboda shi ake ambata a maganar sankarar bakin mahaifa. Dangi ne babba mai nau'i fiye da 100. Masu kawo tusar jaki a hannu da ƙafa galibi nau'i na 1, 2, 4, 27 da 57 ne, masu kawo yawancin waccan sankarar kuwa na 16 da 18 ne. Rigakafin da aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 a Najeriya a 2023 don waccan aka yi shi, ba ya warkar da tusar jakin da ke hannu.

Ka fara tabbatar da cewa ita ce

Mutane da yawa suna ɓata wata uku suna shafa magani a kan kanta, wato taurin fatar da takalmi ko aiki yake jawowa. Bambance su ba wuya. Ka wanke wurin, ka jiƙa shi, ka kai shi haske. Fatar tafin hannu da ta ƙafa tana da 'yan siraran layuka irin na zanen yatsa. A kan kanta layukan suna wucewa abinsu ba yankewa. A kan tusar jaki kuwa sai ka ga sun katse, sun kewaye ta kamar ruwa ya ci karo da dutse. Sannan in ka goge samanta kaɗan za ka ga ɗigo-ɗigo baƙaƙe. Su ne wasu ke kira iri ko saiwa, alhali ƙananan hanyoyin jini ne da jinin ya daskare a cikinsu. Gwaji na uku na hannu ne: kanta ta fi ciwo idan ka danna ta kai tsaye, tusar jaki ta fi ciwo idan ka matse ta daga gefe da gefe. Da na matse ta ɗan yayata sai da ya janye ƙafa yana cewa, "Kawu, a hankali!"

Akwai wanda ba na yarda ya taɓa ƙafarsa da maganin gida ko da tusar jakin ce ƙarara. Mai ciwon suga yana gaba, da duk wanda ƙafarsa take dindiris ko jini ba ya zagayawa sosai a cikinta, domin maganin da zan yi bayani cin fata yake yi, kuma ƙaramin rauni a irin wannan ƙafa yakan zama gyambon da ba ya jin magani. Haka nan in tsiron a fuska yake ko a al'aura, wannan aikin likita ne. Abu na ƙarshe ina son a riƙe shi da kyau: tabo baƙi ko mai launi kala-kala a tafin ƙafar babban mutum, wanda yake faɗaɗa, ko yake jini da kansa, ko ya buɗe ya ƙi rufewa, kada a kira shi tusar jaki sai likita ya gani. Mu masu baƙar fata, sankarar fata mai suna melanoma a tafin ƙafa da ƙarƙashin farce ta fi fito mana, kuma a farkonta takan yi kama da abin da ba shi da wata illa. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko yana nan cikin gari, na Jami'ar Ahmadu Bello yana Shika. Zuwan yini ɗaya ya fi zaman tsammani.

Me ya sa ɗaya take zama huɗu

Bairas ɗin yana zaune cikin mataccen ɓawon da ke zubowa daga kan tsiron. Ba ya iya huda lafiyayyar fata, sai ya sami ƙofa: ƙwarzane, yanka, faso, ko fatar da ta daɗe a ruwa ta yi laushi. Mu kuma a Kaduna muna da ƙofofin duka biyu. Da hunturu diddige yana tsagewa, da damina ƙafa tana yini a jiƙe cikin silifas. Ka haɗa da banɗakin makarantar kwana inda yara da dama suke wanka ƙafa ba takalmi, da silifas ɗin nan guda ɗaya da ke bakin bayi ko wurin alwala wanda kowa yake zurawa, da dutsen goge kaushi da uwa da 'ya'ya suke amfani da shi tare. Masu yankan farce da ke yawo da almakashi ɗaya daga wannan hannu zuwa wancan su ma hanya ce. Mahauta da masu gyaran kifi suna yawan fama da ita a hannu, saboda hannunsu kullum a jiƙe yake da ƙananan yanka.

Amma mafi yawan yaɗuwar da nake gani, mutum ne yake shafa wa kansa. Reza tana yanke saman tsiron, ta tsaga lafiyayyar fatar da ke gefe, ta shuka bairas ɗin a cikin tsagar. Ƙananan guda ukun nan na ƙafar yaron a layin da reza ta bi suka fito. Ta hannun kuma daga ɓantara ce: yana zaune yana tsokanar ta ƙafa da farce, sannan yana cizon gefen farcen. Abin da ke ruɗa mutane shi ne jinkiri. Daga shigar bairas zuwa fitowar tsiro akan ɗauki wata ɗaya zuwa shida, wani lokaci fiye, har an manta da yankan da ya jawo.

Barin ta ma hanya ce

Garkuwar jiki ce take kashe tusar jaki a ƙarshe, duk wani magani taimaka mata yake yi. A yara, kusan biyu cikin uku suna rabuwa da ita cikin shekara biyu ba tare da an yi komai ba. A manya takan fi daɗewa. Wannan ne sirrin yawancin magungunan da ake yabo a unguwa: an shafa toka, ko an ɗaura zare, ko an goga tafarnuwa a lokacin da dama jiki ya kusa gamawa da ita, sai yabo ya tafi ga toka. Saboda haka idan guda ɗaya ce ƙarama, ba ta ciwo, ba ta ƙaruwa, a jikin yaro, ni shawarata a rufe ta a bar ta. Wadda ta tafi da kanta ba ta barin tabo. Ta ɗan yayata kuwa tana hana shi tafiya daidai kuma tana haihuwa, don haka muka shiga magani.

Maganin gida: salisilik asid

Abin da bincike ya fi tsayawa a kansa cikin magungunan shafawa shi ne salisilik asid. Yana narkar da taurin fatar da bairas yake ciki, sannan 'yar tsokanar da yake yi wa wurin tana jawo hankalin garkuwar jiki. Ƙarfinsa ne abin dubawa. Ka je kantin magani mai rajista ka nemi na tusar jaki mai kashi 17 cikin 100, wanda yake zuwa a 'yar kwalba, ruwa mai yauƙi da ke bushewa ya zama farin ɓawo. Akwai kuma na filasta mai kashi 40 cikin 100, wanda ya fi dacewa da tafin ƙafa mai kauri. Wani mai kyamis zai miƙo maka farin man nan na makero da ƙyasfi ya ce ai akwai salisilik a ciki. Akwai, amma kashi 3 ne kawai, ba zai yi wa tusar jaki komai ba. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wanda asfirin ba ya karɓar jikinsa kada ya yi amfani da shi, ba a sa wa yaron da bai kai shekara biyu ba, mai juna biyu kuma ta fara tambayar likita ko ungozoma.

Ka tanadi man basilin, da filasta, da abin gogewa. Ni na fi son takardar gurza katako mai laushi, wadda za ka samu wurin masu kayan gini: ka yayyanka ta ƙanana, ka yi amfani da guda ka jefar. In dutse za ka yi amfani da shi, to ya zama na tsiron ne shi kaɗai, kada ya taɓa diddige ko ƙafar wani.

Lokacin da ya fi shi ne bayan sallar isha'i, an gama shiga ruwa na ranar. Ka fara da jiƙa wurin a ruwan ɗumi na minti biyar zuwa goma, har fatar ta yi laushi. Ka tsane shi sosai da tsumman da ba wanda zai sake goge jiki da shi. Sai ka goge farin mataccen ɓawon da ke sama a hankali. A nan mutane suke kuskure ta fuska biyu. Wani ba ya gogewa sam, sai maganin yau ya zauna a kan busasshen maganin jiya, bai taɓa tsiron ba. Wani kuma yana gurzawa har jini, ya koma gidan jiya irin na reza. Ƙa'idar ita ce ka tsaya da zarar ka fara jin zafi ko ka ga fatar ta fara ja. Ba kullum ake buƙatar guga mai yawa ba: ɓare tsohon ɓawon magani kowane dare, guga sosai sau ɗaya ko biyu a mako.

Daga nan ka zagaye tsiron da basilin, kamar ka yi masa katanga, don kada asid ya ci lafiyayyar fata. Ka ɗiga maganin a kan tsiron kaɗai, ɗigo ɗaya ya isa mai girman wake, ka jira minti biyu ko uku ya bushe. In a tafin ƙafa ne ka rufe da filasta, domin rufewa tana taimaka wa magani ya ratsa kuma tana hana ɓawon zuba a tabarma. Ka rufe kwalbar da kyau nan take, don in iska ta shiga maganin yakan daskare, kuma ka nesanta ta da wuta da hannun yara. Ka wanke hannunka da sabulu. Idan na filasta mai kashi 40 kake amfani da shi, ka yanka shi daidai faɗin tsiron, kada ya zarce, ka liƙa, ka ɗaure da wani filastan, ka bar shi kwana biyu kafin ka cire ka jiƙa ka goge ka sa sabo.

Shi ke nan aikin, ba wani abu a ɓoye. Wahalarsa ita ce kowane dare ne, har zuwa mako 12.

Yadda ta kasance da yaron

Na ce wa yayata ta ɗauki hoton ƙafar da waya a daren farko, da sandar ashana a gefe don awo, sannan ta maimaita duk Juma'a. Ido yana mantuwa, hoto ba ya yi.

A makon farko tsiron ya yi fari fat ya kumbura, har ya fi da girma. Ta kira ni hankali a tashe. Na ce haka ake so, mataccen nama ne ya sha ruwa. A mako na uku aka samu matsala ta gaske: fatar da ke kewaye ta yi ja, ta saluɓe, yaron ya ƙi yarda a taɓa. Da na duba sai na gane sun daina sa basilin, kuma suna shafa maganin a faɗin wurin gaba ɗaya don ya haɗa da ƙananan. Muka tsaya kwana uku, basilin kawai, fatar ta dawo, muka ci gaba ana ɗiga wa kowace ɗaya nata. Irin wannan ja da raɗaɗi hutu kawai yake so. Wanda yake buƙatar asibiti daban ne: kumburi mai zafi da ke faɗaɗa, mugunya, jan layi da ke hawa ƙafa, kaluluwa a matsematsi, ko zazzaɓi.

Zuwa mako na shida biyu daga ƙananan sun ɓace, babbar ta faɗa ciki ta yi ɗan rami, baƙaƙen ɗigon sun fito fili. A nan ne yawancin mutane suke ajiye kwalba, don ciwo ya tafi kuma wurin ya yi daidai da fata. Na ce mata, "Yaya, kada ki duba tudu, ki duba layi." Muddin akwai ɗigo baƙi ko guda ɗaya, ko layukan fata ba su haɗe sun ratsa wurin ba, to tana nan, kuma za ta taso cikin 'yan makonni. A mako na goma layukan suka haɗe a tafin ƙafar.

Ta gefen farcen ba ta tafi ba. Ta ragu, ta tsaya. Irin wannan dama ta fi taurin kai, domin takan shige ƙarƙashin farce inda magani ba ya kaiwa, ga shi hannu yana yini cikin ruwa. Da mako 12 ya cika na ce a tsaya, a kai shi wurin likitan fata. Ban ƙara masa ƙarfin asid ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi haka a kusa da farce.

Abin da likita zai iya yi

Sanannen aikin asibiti shi ne daskarewa da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ana fesa shi ko a ɗiga na 'yan daƙiƙoƙi, wurin ya yi fari, daga baya ya yi bororo ya ɓare. Akan maimaita duk mako biyu zuwa uku, sau uku ko huɗu. Ba kowane asibiti yake da shi ba, don haka a tambaya kafin a kashe kuɗin mota. Yana da zafi, ƙananan yara ba sa jurewa, kuma a baƙar fata yakan bar farin tabo da ke daɗewa. A wani gwaji da aka yi a Holan aka buga a 2010, bayan mako 13 daskarewa ta warkar da kashi 49 cikin 100 na masu tusar jakin hannu, salisilik asid kashi 15, waɗanda aka bari ba magani kashi 8. A tafin ƙafa kuwa ba a ga wani bambancin kirki tsakanin hanyoyin ba. Wani gwajin a Birtaniya a 2011 ya samu daidai wa daida a tafin ƙafa, kashi 14 kowanne bayan mako 12. Abin da na ɗauka daga waɗannan alƙaluma biyu ne. Na farko, ga hannu daskarewa tana da fifiko in ana samunta, ga ƙafa kuwa babu dalilin biyan kuɗi da shan zafi kafin a gwada kwalbar gida. Na biyu, babu maganin da yake ci kowane lokaci, kuma duk wanda ya ce maka nasa yana cirewa a kwana uku ba ta dawowa, ciniki yake yi.

Ana kuma ƙonawa da na'urar lantarki a kankare bayan allurar kashe zafi. Yana cirewa a zama ɗaya, amma takan dawo, kuma tabon da zai bari a tafin ƙafa yana iya zama abin takawa da ciwo har abada. Mai jikin da tabonsa yake kumbura ya yi tudu ya gaya wa likita tun kafin a fara. Idan kuwa babban mutum ya ga tusar jaki ta fito masa da yawa lokaci ɗaya, ko ta ƙi jin kowane magani, ya dace a duba garkuwar jikinsa, har da gwajin ƙanjamau da na suga. Ba zargi ba ne, hanyar gano dalili ce.

Abubuwan da nake roƙo a bari

Ruwan batir, da sodar sabulu, da garwashi ko ƙusa mai zafi: na ga yatsun da waɗannan suka ƙona har fatar ta tattare, tusar jakin kuma ta sake fitowa a bakin tabon. Tafarnuwar da aka ɗaure ta kwana ita ma tana ƙona fata. Ƙaron tumfafiya da na tinya suna cin fata, in kuma yaro ya kai hannun ido ana iya samun babbar illa. Kafso da allurar kashe ƙwayoyin bakteriya ba sa taɓa bairas. Mayukan ƙaiƙayi masu haɗi uku, da na bilicin, suna ɗauke da sinadarin da ke kwantar da garkuwar fata, wato suna danne ainihin abin da ake so ya tashi. Fodofilin kuma, wanda wasu ke sayarwa da sunan maganin tsiro, na tsiron al'aura ne a hannun ma'aikacin lafiya, ba ya ratsa fatar tafi mai kauri, kuma haɗari ne ga mai ciki. Liƙa salatif mai kauri na kwana shida-shida ya yi suna bayan wani bincike na 2002, amma waɗanda suka biyo baya ba su tabbatar da shi ba. Ba ya cutarwa, kuma ko ba komai yana hana yaro ɓantara.

A gidan yayata, tun daren farko muka raba kaya. Yaron ya samu silifas ɗinsa na wanka, da tawul ɗinsa, da abin yankan farcensa, aka jefar da tsohon dutsen kaushi. Ba a hana shi makaranta ko Islamiyya ko ƙwallo ba, filasta kawai yake sawa da safa mai tsabta kullum. Da hunturu ya shigo aka riƙa shafa wa duk yaran basilin a diddige bayan wanka don kada faso ya buɗe. Na kuma ce ta riƙa duba tafin ƙafarsa da na ƙannensa biyu a haske sau ɗaya a wata har wata shida, domin wadda aka riga aka shuka kafin a fara magani tana iya fitowa daga baya, kuma tana ƙarama kamar ƙwayar gero ta fi saurin jin magani.